Neman Wanda Zai Zauna da Warwick

Glenys Radford ta fi shekara talatin tana shugabantar ma'aikatan jinya a ɗakin tiyata, kuma ko bayan ta ajiye aiki ba ta daina magana kamar mai duba kayan aiki ba. In ta tambaye ka lafiya, amsa take jira, gajeriya kuma. Maƙwabciyata ce a garin Ulverstone, shingen katako ne tsakaninmu, wanda ya ruɓe daga ƙasa tun mijinta na da rai. Ni sunana Noelene.

Ɗa ɗaya gare ta, Warwick. An haife shi da larurar nan ta Down mai rage saurin fahimta, a lokacin da nake ba da labari ya ba arba'in baya. Yana zuwa aiki wasu ranaku a wani lambun sayar da tsirrai, yana cika tukwane da ƙasa. Komai nasa a hankali yake yi. In zai shafa wa burodi bota sai ya kai ta kowace kusurwa, ko da shayin zai huce, ko da motar aikin tana ƙofa tana jira.

A kakar wannan shekarar zuciyar Glenys ta fara gazawa. Ƙafafunta suka kumbura, daga kicin zuwa igiyar shanya sai ta tsaya ta dafa bango. Ba ta tambayi likita komai ba, ta ga irin wannan a jikin wasu ya fi a ƙirga. Abin da ta sa gaba shi ne ta samu wanda zai shigo ɗakin baya ya zauna da Warwick tun tana da rai, don ya saba, don kada a kwashe shi zuwa gidan kula da masu larura ranar da ta tafi. Hukuma za ta biya mai kular, ɗakin kuma kyauta ne.

Na farko da ta ɗauka wani saurayi ne, Jarrod. Ina gidan ranar da ya zo. Ta zaunar da shi a kujerar da ke fuskantar tata, tebur a tsakani, ta fara.

"Kana da haƙuri?"

"Sosai ma."

"Kana shan giya?"

"Jefi-jefi."

"Me ya sa kake son wannan aikin?"

"Ina son taimakon mutane."

Haka suka yi ta yi har shayinsa ya huce bai taɓa ba. Babu amsar da ba ta yi daidai ba. Ya tare a ɗakin baya, bai taɓa yi wa Warwick tsawa ba, bai taɓa barin sa da yunwa ba. Yini yake yi kan kujera da waya a hannu. Da Warwick ya ɗauko burodi sai ya karɓe wuƙar ya shafa masa, ya miƙa masa ba tare da ya ɗago kai ba. Kafin sanyi ya kankama Warwick ya daina magana da safe. Glenys ta sallami Jarrod, shi ma da alama daɗi ya ji.

Da yamma ta same ni a bakin shinge ina kwashe shanya.

"Ƙarya ya yi min," ta ce.

"Wace ƙaryar? Kin tambaye shi ko yana da haƙuri. Wa kika taɓa ji ya ce ba shi da shi?"

"To me zan tambaya? Launin safarsa?"

"Da kin fi ƙaruwa."

Ta harare ni. "Ke da aikinki binne mutane, ke za ki koya min zance da masu rai."

Gaskiya ne, aikina kenan. Ni ake kira in jagoranci jana'izar waɗanda ba su da coci. Kafin ranar nakan je gidan mamacin in zauna da mutanen da ban taɓa gani ba, in samo abin da zan faɗa a kansa. Na gaya mata in na ce musu wane irin mutum ne, sai su ce mutumin kirki ne, daga nan kowa ya yi shiru yana kallon ƙasa. In kuwa na nuna wata kujera da ta lotsa na ce nan yake zama, ko? sai ɗiyar ta ce a'a, wannan ta kare ce, shi a tsaye yake cin abinci, a bakin taga. Sai ɗan ya ce ai saboda yana gadin tumatirinsa ne kada tsuntsaye su ci. Kafin a jima an ba ni mutumin gaba ɗaya.

"Wato ki yi kuskure da gangan," in ji Glenys.

"Ba da gangan ba. In faɗi abin da nake zato, in bar su su gyara min. Mutane sun fi son gyara maka magana a kan amsa maka tambaya."

Ta shigo gidana, abin da ba ta cika yi ba, ta zauna tana mayar da numfashi. Na ce mata ta fara da ɗauke teburin nan daga tsakaninta da baƙo. A zauna gefe da gefe, hannu yana wani aiki, don ido ya samu wurin zuwa. Kada ta jera tambaya biyu ba ta saka wani abu nata a tsakani ba, domin wanda aka yi ta karɓa daga gare shi ba a ba shi komai ba yakan rufe bakinsa. Ta daina cewa me ya sa, kalmar tana sa mutum ya fara kare kansa. Ta ce yaya aka yi, ko sai me ya faru. Kuma ta bar tambayar abin da mutum ya saba yi, ta tambaye shi jiya.

"Mene ne bambancin?"

"In kin ce yaya safiyarki take, za a gaya miki safiyar da ake so a ce ana yi. In kin ce jiya da safe fa, jiya guda ɗaya ce, sai an tuno ta."

"Sai kuma me?"

"Sai ki yi shiru. Nan ne za ki sha wuya."

"Ni? Na yi shekaru ina tsaye kan mutanen da aka buɗe wa ciki ban ce uffan ba."

"Su ai a sume suke, Glenys."

Ta fara gwadawa a kaina, ta kasa. Ta ce min, "Ni ban yi barci ba jiya. Ke ƙarfe nawa kika tashi, me kika ci, wa kika kira?" Na ce mata wannan ba hira ba ce, kamen 'yan sanda ne da gaisuwa a gaba. Ta gwada a kan mai kawo mata tukunyar iskar numfashi, mutumin ya tsorata ya zaci ƙararsa za ta kai. Amma Glenys ba ta taɓa sa abu a gaba ta bar shi ba. Bayan 'yan makonni na ji ta ta shinge tana hira da mai yanke mata ciyawa. Ya ce bayansa na ciwo, ta ce nata ma, tun daga ɗaga majinyata. Ta ce ai aikinsa da daɗi, babu mai tsaya masa a ka. Ya kashe injin ya ce wa ya gaya mata, kowane mai gida shugaba ne. Sai da ya yi rabin awa yana ba ta labarin gidajen da yake ƙin zuwa da dalilinsa.

Ta biyu da ta zo neman ɗakin wata ce Deb, mace mai fara'a, ta daɗe a aikin kula da masu larura, takardunta duk na yabo. Glenys ta ce mata ta yi haƙuri, tana cikin ninke wanki ne, ko za ta kama mata. Suka tsaya a bakin kwando. Aka fara da ruwan sama, da ramin da ke kan hanyar gada. Deb ta ce ramin bai dame ta ba, ita da ta fito tun hanya babu kowa.

"Mai sammako ce ke," in ji Glenys. "Ni ma da. Yanzu sai in farka in kwanta ina sauraren jikina, in ji wane ɓangare ne ya fara gunaguni."

Deb ta yi dariya, ta ce ita ba ta iya kwanciya in ta farka. Jiya ma kafin gari ya waye ta goge ƙasa, ta dafa na rana, ta shirya wanda take kula da shi, har sun fito kafin motar ɗaukarsa ta iso.

"Ai kuwa kin yi sa'ar mai sauri."

"Sauri? Craig? Da kin gan shi lokacin da na same shi. Awa guda yake yi a kan takalmi. Na sayo masa marar igiya, na ɓoye tsohon. Ya yi kwana biyu yana kuka, yanzu ga shi kamar soja." Ta karɓe tawul ɗin da Glenys ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa ba tare da ta lura ba. "Su fa so suke a tsara musu. In kin bi tasu ba za a fita daga gida ba."

Glenys ta ce haka ne, ta ba ta shayi da kek, ta raka ta har ƙofa. Da ta dawo ta zauna ta daɗe tana kallon tawul ɗin.

"Da a da ne, da na ɗauke ta yau," ta ce. "Kuma da tana ƙarƙashina a asibiti, da na ƙara mata girma."

Daga nan aka daɗe babu wanda ya zo. Sanyi ya yi tsanani, iska daga teku tana buga rufin kwano yini guda. An ƙara wa Glenys magani, aka kawo mata gado mai ɗagawa aka sa a falo. Warwick ya tambaye ni ko baƙi za a yi.

Sai Corinne Febey ta kira. Ta zo wata Asabar da hantsi, a tsohuwar mota mai laka har ƙofa. Za ta kai hamsin, siririya, ta cire takalmanta a waje ba wanda ya ce ta cire. Wani ya kawo wa Glenys akwatin tuffa daga ajiya, sun fara laushi, don haka muka zauna mu uku a gefe ɗaya na kicin da wuƙaƙe muna ferewa. Warwick yana can ƙarshen tebur da burodinsa.

"Wannan lakar ba ta gari ba ce," in ji Glenys. "Ja ce. Daga wajen gonakin dankali kika fito."

"Gaba da nan kaɗan. Wajen Sprent."

"Mijina yana da ɗan'uwa a can. Sau ɗaya na je, saniya ta taka min ƙafa, ban koma ba."

Corinne ta yi murmushi. Ta ce su ma shanu gare su a da, na madara. An sayar da su lokacin da babanta ya faɗi, rabin jikinsa ya mutu.

Na ga bakin Glenys ya motsa. Na san tambayoyin da ke layi: yaushe, wane ɓangare, wane asibiti. Ta haɗiye su, ta ci gaba da fere tuffarta.

"Gidan ya yi shiru kenan," ta ce.

"Shirun ne ya fi damun sa. Ya saba tashi tatsa tun da duhu, jikinsa bai san an sayar ba. Sai ya farka ya yi ta buga sanda a ƙasa. Da farko nakan ce Baba koma barci. Daga baya na ga babu amfani. Sai in tashi in naɗe shi da bargo, in tura shi a keke zuwa rumfar tatsa, mu zauna. Babu saniya ko ɗaya. Mu sha shayi, ya yi ta kallon wurin, in gari ya waye mu dawo."

"Kullum?"

"Har ya rasu. Shekara tara."

Ɓawon tuffa ya yi ta zuba a kwano. A can Warwick ya kai kusurwa ta uku, ya ga botar wuƙarsa ta ƙare, ya miƙa hannu. Kwanon botar yana kusa da Corinne. Ta tura masa da bayan hannu, ba ta dube shi ba, ba ta ce komai ba. Na kalli Glenys, na ga ita ma ta gani.

Glenys ta ba ta labarin wata tsohuwar shugabarta a asibiti, wadda in an kawo majinyaci yana rawar jiki don tsoro takan tsayar da kowa, har likita, ta ɗumama hannunta a ruwa kafin ta taɓa shi. Ta ce ita ba ta taɓa iya wannan ba, ita mai sauri ce. "A wurin da kike aiki yanzu akwai irinta?"

Corinne tana aiki ne a wani gidan tsofaffi tun bayan rasuwar uban. Ta yi tunani, ta ce akwai wani ɗan Nepal mai aikin wanka. In zai yi wa tsoho aski sai ya tambaye shi ta wane gefe yake farawa a da. "Ana yi masa faɗa yana ɓata lokaci. Ni kuwa in na ga sunana da nasa a rana ɗaya sai in ji sauƙi."

"Wankan ne ya fi wuya, ina ji."

"A'a, wanka ba komai. Ba da abinci ne. Mutum bakwai, ni kaɗai, ana jiran kwanuka a kicin. Kina sa cokali a bakin wata ba ta haɗiye na farko ba. Jiya wata ta riƙe min hannu ta ce 'yar nan, ina za mu ne?" Ta ajiye wuƙar ta goge hannu. "Shi ya sa da na ji naku na ce mutum ɗaya ne. Mutum ɗaya zan iya yi masa yadda ya kamata."

Warwick ya gama, ya yanka burodin gida biyu, ya taso ya ajiye rabi a gaban Corinne.

"Naki," ya ce.

"Kai, na gode. Ka kai shi har gefe."

"Haka ake yi."

"Haka ake yi," ta ce, ta ci.

Fuskar Glenys ta saki irin yadda ban gani ba tun farkon ciwon. Da ta tsaya a nan, da Corinne ta tare a makon. Na sha tunanin haka. Amma a lokacin Glenys ta daina neman ma'aikaciya, matar take son ji, kuma abin da ta faɗa ba dabara ba ce.

"Ni a da," ta ce, "in na taso daga aiki nakan tsayar da mota a bakin kogi kafin in shigo gida. Ba na yin komai, in zauna kawai. Mijina ya rasu bai sani ba. Wannan ɗan lokacin shi kaɗai ne nawa a yini. Ke fa, wanne ne naki?"

Corinne ta buɗe baki za ta amsa, ta tsaya. Ta yi 'yar dariya.

"Bari in gani. Da safe dai a'a." Ta juya tuffar da ke hannunta. "In na taso nakan biya wa gwaggona, ƙanwar Baba, in yi mata sayayya. Lahadi kuma..."

Glenys ta yi shirun da na koya mata. Ta yi shi da kyau.

"Ranar da aka binne Baba na kwana a gidan ni kaɗai," in ji Corinne a hankali. "Na farka babu bugun sanda. Na fita waje da kofi, na zauna a kan matakala, rana ta fito. Na ji daɗi. Na ji daɗin da har ya ba ni kunya, na tashi na shiga na fara wanke zannuwansa. A makon na nemi aikin gidan tsofaffi." Ta dubi Glenys. "Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina jin wannan ce safiyar da na taɓa samu."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Warwick ya je ya ɗauko mata tsumman goge kwano, ta karɓa ta riƙe. Ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin baya, ta dubi gadon da ke falo da tukunyar iska a gefensa.

"Shekararsa nawa?" ta tambaya.

"Arba'in da shida."

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ƙalau," in ji Glenys. Muryarta ta koma ta asibiti.

Corinne ta taya mu muka gama tuffar, ta wanke wuƙaƙen, ta yi wa Warwick sallama da hannu. Bayan kwana biyu ta kira. Ina wurin, Glenys ta sa wayar a bayyane. Corinne ta ce ta yi ta tunani. Ta ce in ta shigo ba za ta taɓa fita ba, ta san kanta, za ta zauna har ɗayansu ya mutu. Ta ce da ba a yi wannan hirar ba da ta zo da kayanta da murna, kuma ba ta san ko godiya za ta yi ko haƙuri za ta bayar ba. Glenys ta ce babu komai, ta kula da kanta, ta kashe.

Sannan ta juyo kaina.

"Da na zaunar da ita na yi mata tambayoyina, da ta ce e."

"Da ta ce."

"Da yanzu tana ɗakin can. Kin ga yadda ta tura masa botar?"

"Na gani."

"Ke da shirunki. Matattunki ba sa fasawa, shi ya sa." Numfashi ya ƙwace mata, na miƙa mata abin iskar ta ture hannuna, ta ɗauka da kanta. Da ta samu sauƙi ta ce, "Tafi gida, Noelene."

Ta yi fiye da mako ba ta yi min magana ba. Nakan ajiye miya a bakin ƙofa, Warwick ya dawo min da tukunyar. Ranar da ta sake kirana, na same ta ta rame sosai. Ba ta ambaci faɗan ba. Ta ce in zauna in ji wani abu. Ta ce jiya suna jera safa ita da Warwick, sai ta ga shekara arba'in da shida tana tambayar sa ko ya yi wanka, ko ya sha magani, ko ya ɗauki rigar ruwa. Sai ta ce masa ita cikin yini ta fi son lokacin da ake kunna fitila, shi fa? Ya ce lokacin da motar aiki ta juyo kwana ya hango hayaƙi a bututun gidan. Ta ce saboda ɗumi? Ya ce a'a, in akwai hayaƙi Mama ba ta mutu ba tukuna.

"Ban taɓa gaya masa ba," in ji Glenys. "Na ce wa ya gaya maka? Ya ce ai an kawo gado irin na Baba."

Na gyara mata bargo.

"Na tambaye shi wa yake so ya zauna da shi. Ya ce mai cin burodi." Ta juya fuska wajen bango. "Na ɗauki waya har sau biyu. Na san abin da zan faɗa wa Corinne, na san za ta zo. Yanzu ai na san inda zan taɓa."

"Kin kira?"

"Da na kira da kin ga motarta a ƙofa."

Wasu biyu sun zo bayan haka. Ɗaya ɗaki kawai yake nema, bai ma ɓoye ba. Ɗayar yarinya ce mai kirki, amma cikin hira ta fito cewa saurayinta yana can Queensland yana jiran ta gama karatu. Glenys ba ta da ƙarfin fere tuffa ko ninke wanki a lokacin, daga gado take hirar, kuma ta iya har ta fi ni. Mutane sukan fita daga gidan suna cewa sun daɗe ba su ji daɗin zance haka ba. Babu wanda ya tare.

Kafin furanni su fara fitowa ta sa hannu aka ba Warwick ɗaki a wani gida a Devonport, inda maza uku masu larura suke zaune, ma'aikata suna canjin aiki safe da yamma. Ni na kai shi da akwatunansa. Ita ba ta iya shiga mota ba, ta tsaya a taga da rigar barci. Bai yi kuka ba. Ya tambaye ni ko a can ma akwai ranar Laraba, ranar da yake zuwa lambu, na ce akwai. Ba ta cika wata ba bayan tafiyarsa ta rasu. 'Yar'uwarta daga Hobart ta zo ta sayar da gidan, wasu ma'aurata masu yara suka saya, suka mayar da ɗakin baya wurin ajiye kekuna.

Corinne ban sake ganinta ba. Na ji ta bar gidan tsofaffin, wani ya ce tana aiki a wurin tattara 'ya'yan itacen ceri a kudu, wani ya ce a'a, gwaggon tata ce ta kwanta ciwo ta koma wurinta. Ban bincika ba.

Nakan je wurin Warwick ranar Lahadi. Gidan yana da tsabta, ma'aikatan ba su da laifi, sai dai kusan duk zuwa sabuwar fuska nake gani. Ya yi ƙiba. Tagar ɗakinsa tana kallon wurin wankin motoci, ya sa kujera a nan, ya san masu zuwa da motocinsu. Akwai wani a gidan mai ihu in an kunna talabijin, Warwick yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa har ya gama. Zuwana na ƙarshe na kai masa wando biyu, ya gwada, ɗaya bai shige shi ba. Muka zauna muna kallon wata farar mota ana watsa mata kumfa. Da na tashi tafiya ya ce min Lahadi mai zuwa kada in zo, za a kai su kallon ƙwallo.

"To ta gaba fa?"

"Sai na tambaya, Anti," ya ce, ya koma kallon tagar.